Buhun Kalwa a Gindin Darbejiya

Da mutum yana iya mayar da maganar da ta riga ta fita daga bakinsa, da na mayar da wadda na faɗa wa mai ƙuli-ƙuli ranar da ta zauna a kan buhun kalwa. Ce mata na yi ta tashi. Ba ta tashi ba. Wannan ƙin tashin nata shi nake so in ba da labari.

Kasuwar garinmu tana gefen hanyar da ta nufi Bagwai. Ba babba ba ce. Gonaki sun matse ta ta kowane ɓangare, har idan damina ta yi nisa karan dawa yakan leƙo bayan rumfunan mahauta. Sau ɗaya take ci sosai a mako, amma kullum akwai masu zama a bakin titi, masu kayan miya da masu shayi da mai faci. Ni manomi ne, karatuna na allo ne da ɗan yaƙi da jahilci. Da ƙarfina ya fara raguwa sai sarkin kasuwa ya ɗora ni a kan layin mata, in riƙa nuna wa kowa wurin zamanta, in raba faɗa, in ga an share wuri. Daga nan aka fara ce mini Wakili.

Layin mata a wurinmu na tsofaffi ne. Matan aure suna yin sana'arsu a cikin gida, a fitar musu da ita. Wadda za ka gani ta shimfiɗa buhu a kasuwa, to ta aurar da 'ya'ya, ko mijinta ya rasu, ba ta da sauran wanda za ta ɓoye wa fuska. Kuma irin waɗannan ba sa tsoron kowa.

A ƙarshen layin akwai wata darbejiya mai inuwa. Mata biyu ne suke zama a gindinta tun kafin a ba ni aikin. Ɗaya tana sayar da daddawa, doguwa ce siririya, muryarta kamar ana kaɗa gwangwani. Ɗayar tana sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, gajera ce mai jiki, idan ta zauna a kujerarta ta tsugunno sai ka rantse a nan aka dasa ta. Ba 'yan'uwa ba ne, ba kuma wasan dangi ne tsakaninsu ba, don na bincika. An ce asalin abin a kan inuwar nan ne, wai kowacce ta ce ita ta riga zuwa. Waɗanda suka san gaskiyar duk sun mutu.

Ba sa gaisawa kamar mutane. Mai ƙuli ce takan riga zuwa. Da ta hango mai daddawa tafe da tire a ka, sai ta toshe hanci da bakin mayafi.

"Na ji warinki tun kina bakin rafi. Ashe ba ki mutu ba?"

"In mutu in bar miki inuwa? Sai na ga bayanki, buhun gishiri."

"Matsa can da wannan ruɓaɓɓen abu, kina kore mini masu saye."

"Masu saye? Wanda ya ci ƙulinki jiya yana can yana neman haƙorinsa a ƙasa."

Haka za su yini. Idan mutum ya tsaya sayen mai, mai daddawa za ta ce masa, "Ɗana, ɗaga kwalbar ka duba a rana, rabinta ruwan rijiya ne." Idan ya juya wajen daddawa, mai ƙuli za ta ce, "Ka saya wa wa? In matarka ce, ka shirya biko." Mutane suna dariya, suna saye a wurin su biyun. Kalmar da ta fi yawa a bakinsu kuwa ita ce ɓarauniya. Ɓarauniyar inuwa, ɓarauniyar masu ciniki, ɓarauniyar iska. Ni abin yana ƙona mini rai. Na yi musu nasiha, na kai su gaban sarkin kasuwa, na ce zan raba musu wuri. Ranar da na faɗi haka, su biyun suka taso mini.

"Wakili, kai aka zaga?" in ji mai daddawa.

"A'a."

"To kama gabanka. Je ka raba faɗan kaji," in ji mai ƙuli.

Akwai abubuwa biyu da nake gani kullum da idona, amma ban taɓa tsayawa na auna su ba.

Na farko, lokacin salla. Matan layin sukan shiga wani gida da ke bayan kasuwa su yi alwala su yi azahar. Al'adar kasuwa ita ce ba a barin kaya haka nan, sai ka ce wa maƙwabcinka ya duba maka. Su waɗannan ba a taɓa jin ɗaya ta roƙi ɗaya ba. Mai tafiya za ta kifa faifai a kan tirenta, ta ɗauki buta, ta ce, "Ke ɓarauniya, zan je salla. Na san yadda na bar kayana." Ɗayar ta ce, "Wa zai taɓa wannan ƙazanta? Je ki, ko Allah Ya dube ki." Amma da ta ba da baya, sai wadda ta rage ta jawo kujerarta ta dawo tsakanin kayan biyu. In mai saye ya zo ta sayar masa, ta tura kuɗin ƙarƙashin faifai. Kuma ba sa taɓa tashi tare.

Na biyu, gori. Duk wadda ta yi ciniki mai kauri, sai ɗayar ta ji shi a kunnenta. In wata mai biki ta zo ta kwashe tiren daddawa gaba ɗaya, mai daddawa za ta miƙe tsaye, ta kaɗa tiren a saitin fuskar maƙwabciyarta, ta rangaɗa guɗa. "Buɗe ido ki ga yadda ake kasuwa! Ke zauna nan ƙuda ya taya ki hira." Haka ita ma mai ƙuli take yi in an ɗauke mata jarkar mai sukutum. Ko allura ɗaya ta sayar da riba, sai ta soka wa ɗayar. Ba su taɓa fashin wannan ba.

Abin ya faru ne da bazara, lokacin da ɗorawa ta nuna. A wannan lokacin matan ƙauyuka suke fasa ɗorawa, su cire garin nan rawaya, su wanke ƙwallon su shanya. Ƙwallon shi ne kalwa, kuma shi ne jarin mai daddawa. Da shi take yin komai: ta yini tana dafa shi har ya yi laushi, ta surfa shi a turmi da toka ɓawon ya fita, ta wanke, ta sake dafawa, ta rufe shi a ɗaki mai ɗumi har ya yi yauƙi ya tashi, sannan ta kirɓa, ta mulmula, ta shanya a rana. Wanda bai sayi kalwa da bazara ba, in damina ta sauka sai dai ya ji labarinta, don bishiyoyin sun ragu a gonakinmu, kuma 'yan birni suna zuwa su kwashe. A wannan shekarar mai daddawa tunkiyarta ta sayar, wadda ta daɗe tana kiwo. Ranar kasuwa ta zo da buhu babu komai, ta tsaya tun hantsi tana tare matan ƙauye, wannan ta kawo kwano ɗaya, waccan rabin kwano, tana dubawa kada a haɗa mata da tsakuwa, tana zubawa. Kafin azahar buhu ya cika. Ta yage bakin wani tsohon zane ta ɗaure shi, ta jingine a jikin darbejiya. Abincinta na shekara ke nan, da na jikokin da take riƙo.

Akwai wani mutum da ya ɗan jima yana zuwa kasuwar. Ba yaro ba ne, magidanci ne mai tsabta, da shadda mai guga da hula, yana hawa babur. Ya ce shi yana saya wa wani dillali kaya ne daga birni, wake da riɗi da abin da ya samu. Yana da ladabi, har ƙasa yake gaishe ni. Na sha ganinsa yana tsugunne gaban mai ƙuli yana sayen ƙuli kaɗan, yana taunawa yana jan ta da hira. Daga baya ta gaya mini abin da yake cewa.

"Inna, wannan tsohuwa tana takura miki. Ni ko a birni ban taɓa ganin mai baki irin nata ba."

"Ai ba ka ga komai ba, ɗana. Mayya ce. Da zan tashi da safe in ga babu ita, da na yi sadakar ƙosai."

Shi kuwa ya ɗauki maganar ya adana.

Da aka kira azahar a ranar, mai daddawa ta kifa faifai, ta ɗauki buta.

"Ke ɓarauniya, ga buhuna nan. In na dawo na ga ƙwaya ɗaya ta ragu, sai na amayar da ke."

"Kalwar da rabinta tsakuwa ce? An cuce ki, kin sayar da tunkiya kin sayi burji."

Ta tafi. Layin ya yi sauƙi, maza da yawa sun nufi masallaci, injin niƙa yana ta ƙara, mai maganin gargajiya ya bar lasifikarsa tana ta surutu ita kaɗai. Ni ina wajen masu tumatir ina raba wata gardama, ina shirin tafiya alwala.

Sai mutumin nan ya turo babur har gindin darbejiya, ya kafe shi bai kashe ba. Ya kwance igiyar roba daga bayan babur, ya kama kunnen buhu.

"Inna, sannu da rana. Bari in ɗauke miki wannan warin daga kusa. Na saye, mun gama da ita."

"Ka sayi me?"

"Kalwar. Mun haɗu a ƙofar gidan can, na ba ta riba mai kyau, ta ce in zo in ɗauka."

Maganarsa ba ta da wani aibu a kunne. Ana yin haka. Mutum yakan tara kaya da safe, dillali ya taya da riba kafin la'asar, ya sallama. Amma mai ƙuli ta dube shi, ta dubi hanyar gidan, ta ce, "Jira ta dawo."

"Sauri nake, Inna. Mota tana jirana a bakin titi."

"Motar ta jira."

Ya yi murmushi ya rage murya. "Haba Inna. Ke da kika ce za ki yi sadakar ƙosai? Kau da kai kawai. Ina ruwanki da kayanta?"

Ya sunkuya zai cicciɓa. Matar nan da sai ta dafa ƙasa take miƙewa, ban san yadda aka yi ba, sai ga ta a kan buhu. Ta kwantar da shi ta haye, ta baje, ta harɗe hannu. Ya ja ta wannan kunne, buhu ko motsi. Ya ja da ƙarfi, ƙafarsa ta doki tirenta, ƙuli ya watse a ƙasa, kwalaben mai suka kife, man ya bi ƙasa yana malala. Ko kallonsu ba ta yi ba.

Hayaniyar ce ta jawo ni. Da ya gan ni, sai ya saki buhu ya zo ya rusuna, ya riga ta magana.

"Baba, ka zo daidai. Na sayi kaya na biya, wannan ta hau ta zauna. Kowa a kasuwar nan ya san gabar da ke tsakaninsu. Baƙin ciki take yi an yi ciniki da maƙwabciyarta. Ko kuma so take in tafi ta ɗebi rabonta. Kai kanka ka sha ji, kullum mai kayan tana ce mata ɓarauniya. Wanda ya zauna da mutum shi ya san halinsa."

Mutane sun fara taruwa. Na ji wata daga bayan taro tana cewa, "Ai kuwa kullum sai ta faɗa." Wani ya ce, "Yau dai ta fito fili." Wanda ya san kasuwa ya san abin da wannan kalma take jawowa in ta fara yawo a bakin taro.

Na dubi mutumin, ga shadda ga ladabi. Na dubi mai ƙuli, ga ta a kan kayan da ba nata ba, fuska a murtuke, ita da ta ce in je in raba faɗan kaji. Duk haushin da na tara ya taso mini. Ban ce a je a kira mai kaya ba, alhali gidan ga shi nan bayan rumfuna. Na ɗaga murya don kowa ya ji.

"Tashi! Tashi ki ba bawan Allah kayansa. Wannan baƙin hali ya isa. In ba ki tashi ba, daga yau kin bar gindin bishiyar nan, kuma ni da bakina zan gaya wa sarkin kasuwa abin da na gani."

Ta ɗago ta dube ni. Wurin nan shi ne abincinta, kuma ta san ina da ikon in raba ta da shi.

"Wakili, ka kira sarkin kasuwa. Ka kira dagaci. Ka haɗo da wanda ya naɗa su. Ba zan tashi ba."

"Ya ce ya biya!"

"Ƙarya yake."

"Ke kina wurin?"

"Ba sai ina wurin ba. Wannan mayyar ta sayar da buhu guda da riba, ta wuce salla ba ta dawo ta yi mini guɗa a ka ba? Ko a kan sallaya aka taya, sai ta sallame ta zo ta gaya mini in mutu. Kai kullum kana nan. Ka taɓa jin ta sayar da tire ban ji ba? Kunnena bai ji gori ba, to ba a yi ciniki ba."

Wasu suka yi dariya. Ni ban yi ba, don maganar ta doke ni, amma girman kai ya hana ni juyawa. Mutumin kuwa ya ga taron ya fara rabuwa biyu. Ladabin ya zube. Ya damƙi hannunta ya murɗe, yana fizga, yana cewa, "Tashi, tsohuwar ɓarauniya!" Mayafinta ya faɗi. Ta cije leɓe, ta sa ɗaya hannun ta riƙe ɗaurin buhu.

Babu wanda ya lura da dawowar mai daddawa. Ta bayan taro ta ɓullo, ta bi ta gefen babur. Abin da muka fara ji shi ne ƙarar babur ta ɗauke. Muka waiga, sai ga ta da makulli a hannu. Ta taka a hankali zuwa jarkar man gyaɗa, babbar da ba ta kife ba, ta buɗe murfi, ta jefa makullin ciki. Sannan ta ɗaga butarta ta ƙarfe ta sauke a kan hannun da ya riƙe maƙwabciyarta. Ya saki ba shiri.

"Wa ka kira ɓarauniya?"

"Inna, ai ke ce kike..."

"Ni ce. Ni nake ce mata, kuma gobe ma zan ce. Kai uwarka ce ta ba ka izini? Ni na zauna da ita rana da damina, ni na san abin da nake zagi. Kai wane ne?"

Ta juyo kan taron, tana nuna su da buta ɗaya bayan ɗaya. "Wa ya ce yau ta fito fili? Na ji da kunnena. Ya fito ya maimaita. Matar nan shekara da shekaru ina barin mata kayana, ko ɓallin daddawa bai taɓa ɓata ba. Ku wa zai bar muku takalminsa a ƙofar masallaci?"

Na ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ya ce kin sayar masa."

"Na sayar masa? Wakili, da furfurarka? Dubi bakin buhun. Ka taɓa ganin dillali ya sayi kaya bai zazzage ya auna ba, bai ɗinke baki da basilla ba? Tsumman zanena ne a jiki. Kuma in na sayar, me zan dafa? Kai?"

Mutumin ya waiga wajen babur, ya tuna inda makulli yake. Sai ya yi wuf ya fizgi lalitar da ke rataye a wuyan mai daddawa, ya yunƙura zai ratsa ta cikin gonaki. Igiyar lalitar ta shaƙe ta, ta yi baya za ta faɗi. Mai ƙuli, tana nan zaune a kan buhu, ta miƙa hannu ta cafki ƙafar wandonsa. Ya taka man da ya zube da kansa, santsi ya kwashe shi, ya zo ƙasa da baya. Ita kuwa sai a sannan ta sauka daga kan buhu, ta koma kan ƙirjinsa.

"Wakili," in ji ta, tana haki, "nan ma in tashi?"

Matasa suka yo kansa da itace. Mai daddawa ta sha gabansu, tana murza wuyanta. "Kada wanda ya zubar mini da jini kusa da kalwa. Abinci ne. Ku kira 'yan sintiri." Aka kira su, suka ɗaure shi da igiyar robar da ya kwance da hannunsa, suka tafi da shi gidan dagaci, daga can aka miƙa shi ga hukuma. Sai da aka juye jarkar a roba kafin a samo makullin a tura babur ɗin.

Da ƙura ta lafa, mai daddawa ta tsuguna tana tsince ƙulin da ya watse, tana hure ƙasa tana mayarwa a tire. Na ce a raina yau dai zan ji kalmar godiya daga bakin ɗayansu.

"Dubi yadda kika lotsa mini buhu. Wa ya ce ki hau? Kin mayar mini da kalwa gari."

"Da na sani na bar shi ya tafi da tsakuwarki. Kin kuma jefa mini ƙarfen ɓarawo a mai."

"Yau ne man naki ya fara amfani."

Hannun mai ƙuli ya kumbura. Mai daddawa ta kamo shi, ta lakato man da ya rage a gindin kwalba tana murza mata, tana cewa ko hannun ma kitse ne, babu ƙashi a ciki.

Na yi azahar ɗina a makare. Washegari na zo da wuri, na sami mai ƙuli ita kaɗai, na tsuguna na ce ta yafe mini. Ta ci gaba da jera kwalabe da hannu ɗaya.

"A ina ka ce in tashi?"

"A nan."

"Gaban wa?"

"Gaban jama'a."

"To ni ba na karɓar biko a ɓoye. Ka bari kasuwa ta ci."

Na jira. Ranar kasuwa, da rana ta take, layi ya cika, na tsaya a gindin darbejiya na ce jama'a su saurara. Na ce ni ne na ba baƙo gaskiya don rigarsa, na tozarta matar da take tsare amana, ban ko aika a kira mai kaya ba. Na ce wurin nan nasu ne su biyu, muddin ina riƙe da layin. Mai ƙuli ta bari sai da na gama, ta ce, "Na yafe. Matsa, ka tare mini masu saye." Mai daddawa ta ce, "Kin yi arha. Da ni ce sai ya share layin nan har kaka."

Bayan an sha ruwan farko, daddawar sabuwar kalwa ta fito. Na ga mai daddawa ta zaɓi manya-manya masu kyau, ta ƙulle a leda, ta jefa kan cinyar maƙwabciyarta ba tare da ta kalle ta ba.

"Ungo. Ki sa a miya, ko jikokinki su san ɗanɗanon abinci."

Mai ƙuli ta shinshina, ta yamutsa fuska. "Wari kamar mushe." Ta tura ƙullin can cikin kwandonta, ta rufe da zane.

Buhun nan ya kai mai daddawa har wata bazarar. Suna nan har yanzu a gindin darbejiya, sun ƙara tsufa, bakin bai rage komai ba. Ni na ajiye aikin layi, gwiwa ta hana, amma nakan je in zauna wajen mai shayi in saurare su. In Allah Ya kawo ka kasuwarmu ka ji ana kiran wata ɓarauniya a ƙarshen layin mata, ina roƙonka kada ka yi irin tawa. Kada ka ba kowa gaskiya, kada ka ce wa kowa ta tashi. Sayi daddawarka, sayi ƙulinka, ka yi gaba.